Zuwa Ga Masu Cewa "A Liƙa Kwalta Kawai"

Jama'ar masallacinmu,

Na san tun kafin ku kai layi na uku wani ya riga ya dafe aljihu. Alhaji, saki jikinka, takarda ba ta cizo. Kwamiti ne ya yanke shawarar kafa gidauniyar gyaran rufi, aka ɗora mini sanar da ku.

Masu cewa rufin nan lafiyarsa ƙalau, ina neman shaida ɗaya. A watan Agustan bara, wa ya yi Asuba a sahun farko ta gefen dama? Babu kowa sai bokiti uku da baho ɗaya, kuma su ne ba su taɓa makara jam'i ba. Na ga dattijon da ya shekara ashirin yana riƙe da gurbinsa a bayan liman ya koma sahu na uku, wai tawali'u ne.

Sai ƙungiyar "a liƙa kwalta kawai". Mun liƙa, ranku ya daɗe, damina biyu a jere. Matsalar ita ce inda ruwa ke ɗiga ba nan ne yake shiga ba. Yakan shiga ta ramin ƙusa can sama, ya bi katako ya gangaro, ya taru a kan silin, sannan ya sauko a kan hular wanda Allah ya nufa. Kai kana liƙe nan, shi yana shiga can. Da muka hau da kafinta muka buɗe silin, ya soka ƙusa a jikin tubai-tu da yatsa kawai, ta shige kamar a tuwo. Gara ta cinye cikin katakon, laima ta ruɓar da saura. Katakon da ba ya riƙe ƙusa kuwa ba ya riƙe kwano, kuma kun san irin iskar da ke zuwa gaban ruwan farko. Rannan ba yoyo za mu yi magana a kai ba, rufinmu za mu je nema a gidan maƙwabta.

Akwai laifin da ba na gara ba ne. Wanda ya yi rufin tun asali ya kwantar da shi da yawa don tsimin katako, Allah ya yafe masa. Rufi in ba shi da gangare, ruwa yakan tsaya a mahaɗar kwano, iska ta turo shi baya ya shige ta ƙasa. Nan ne tsatsa ta fara ci. Saboda haka za a kware duka, a ɗaga tsakiya, a shafe sabon katako da baƙin mai, a ɗaure shi da langa-langa a jikin gini, a buga ƙusa mai hula a kan tudun kwano, ba a cikin kwarinsa inda ruwa ke bi ba.

Ga lissafi, don masu ƙirga da carbi su bi ni. Masallacin ƙafa 50 ne da ƙafa 40. Da gangare da baki da abin da ake ɗorawa a mahaɗa, kafinta ya ce kwano 200. Bandir ɗaya falle 20 ne, kun ga bandir 10 ke nan. Mu kuwa gida 50 ne a rajistar kwamiti, wato kowane gida falle 4. Katako da ƙusa da silin da ladan aiki mun bar wa 'yan kasuwarmu, waɗanda na lura sun fara tari tun daga nan. Ban rubuta farashi ba da gangan, domin kuɗin kwano na yau ba shi ne na jibi ba. Wanda ba ya son ba mu kuɗi a hannu ya sayo kwanon da kansa, amma ya tambayi kafinta kauri da launi tukuna, kada masallaci ya fito kamar rigar mai faci.

Na ji tambayar da ake yi a gindin darbejiya bayan La'asar: ina kuɗin kwaltar bara? Tambaya ce mai kyau, da ma a gabana aka yi ta. Rasit ɗin yana wurin ma'aji. A wannan karon kuɗi ba zai fita ba sai da sa hannun mutum uku, kuma duk Juma'a bayan Magariba za a liƙa abin da ya shigo da abin da ya fita a allon bakin ƙofa. Mai son a sakaya sunansa za a rubuta "wani bawan Allah". Sai dai kada bayin Allah biyu su bayar, mutum goma su riƙa murmushi.

Muna so kafinta ya sauko kafin ƙarshen Afrilu. Shugaban masu shakka kuwa, ya san kansa, mun sa shi cikin masu zuwa kasuwa sayen kwano. Ya zo da tabaransa, ya ƙirga kowane bandir falle-falle.

Naku,
Shugaban Kwamitin Masallaci