Alhaji ya aika wa Kwatano wasiƙa

Ɗan kasuwarmu ba ya karɓar kuɗi sai ya lashi yatsa ya ƙirga sau biyu. A Dawanau, buhun riɗi ba ya hawa mota sai an soke shi an ga abin da ke ciki. Amma a ba Alhaji waya, ya rubuta wa mai sayen kayansa na Kwatano imel da Hausa, na'ura ta juya masa zuwa Faransanci, sai ka ga tawakkali ya sauko masa. Bismillah, ya danna, ta tafi.

To ga abin da ya tafi. Alhaji ya sa farashin tan ɗaya dala 1,500, da waƙafi irin namu. A lissafin Faransanci, waƙafi aikin ɗigo yake yi, dubu kuwa tazara ake bar mata: 1 500. In na'urar ta bar waƙafin inda ta same shi, Alhaji ya yi tayin tan guda a kan dala ɗaya da rabi. Ko a rabon gado ba a wannan rangwame. Da ya ƙara "dubu ɗaya da ɗari biyar" da kalmomi kusa da lambar, da asirinsa ya rufu.

Sai ranar lodi. Alhaji ya ce "bayan Sallah", yana nufin Babbar Sallah, da sauran wata biyu. Na'ura ba ta san rago ba, tana iya fahimtar sallar da ake yi sau biyar a rana. Mutumin Kwatano ya tanadi sito, yana jiran tirela bayan La'asar. Rana, sunan wata da shekara kawai ake bukata, amma mu kan ga kamar yanke rana ƙarara shiga hurumin Ubangiji ne.

Yaron da zai raka kayan kuma sunansa Sabo. A takardar ya zama sabon mutum marar suna, alhali katin shaidar da zai nuna a bakin iyaka Sabo ya sani.

Ladabi fa? Alhaji ya cika layi biyar da gaisuwa, har da gajiya da iyali, sannan ya ce "ka turo kuɗin". A Hausa ba laifi. Faransanci kuwa yana da "tu" na aboki da yaro, da "vous" na girmamawa, na'urar kuma takan cafko wanda ta ga dama. Ko ba ka jin yaren, idonka zai iya farautar "tu" a shafin.

Masu wayo sukan mayar da fassarar zuwa Hausa su karanta. Wannan zai tona Sallah, ya tona Sabo, amma waƙafin zai dawo lafiya lau kamar bai yi komai ba, "tu" ma ya dawo a "ka". Ga ɗan Maraɗi nan a shagon maƙwabci, ya yi boko da Faransanci, minti biyar ya ishe shi dubawa. Alhaji ya ce a'a, kada yaron ya san farashinsa.