Masu Turo Mini Hoton Lissafi Tsakar Dare

Da zarar an ce Wayek ta matso, wayata ta daina hutawa ke nan. Ina koyar da lissafi a Tambuwal, kuma yaran da suka bi ta hannuna sun bazu daga Dogon Daji zuwa Jabo da Sanyinna, har Kebbe da Kuchi. Kowa yana da lambata, kowa kuma yana da kyamara. Sai a ɗauki hoton tambaya a turo, a rubuta a ƙasa: “Malam, a taimaka.” Da yau da gobe na gane cewa yawancin wanda ya faɗi irin wannan tambaya ba lissafin ne ya kayar da shi ba. Ya amsa tambayarsa daidai, sai dai ba ita ce ke kan takarda ba. Kuma kowa da irin tasa ɓatan hanyar.

Akwai Mai Rawar Hannu. Shi yana ɗaukar hoto ne da dare, fitilar wata wayar a hannun hagu, littafin a kan gwiwa, shafin ya lanƙwashe wajen ɗinki. Abin da ke iso mini sai ka ce hazon hunturu ya sauka a kan takardar. Sau da yawa ma hoton ba nasa ba ne: wani ya ɗauka a Sakkwato, wani ya ɗauki hoton fuskar wayarsa, aka yanke gefe, aka jefa a zauren Watsaf na ’yan aji. Watsaf yana matse hoto don ya rage nauyi, kuma abin da ke fara narkewa shi ne ƙananan rubutu: lambar da ke ɗare a sama, ɗigo, da siririn layin debewa. In na ce ya sake ɗauka sai ya ce, “Malam, ai ni ina gani sarai.” Yana gani mana, tunda littafin na gabansa.

Ƙaninsa shi ne Mai Sauko da Na Sama. Ƙaramar lambar nan da ke zaune a kafaɗar babba, wadda yara ke kira fawa (ba ta mahauta ba, ko da yake ita ma tana yanka), shi bai yarda kowa ya fi kowa tsawo ba. In ya ga 2³ sai ya sauko da ukun ƙasa ya karanta 23, alhali amsar 8 ce, biyu sau biyu sau biyu. In ya ga x² sai ya mai da shi 2x. Na taɓa ce wa wani irinsa ya gwada da lamba ya gani. Ya zaɓi 2, ya dawo yana murmushi: “Malam, duk huɗu suka ba ni.” Gaskiyarsa, domin 2 na cikin lambobi biyu kacal da x² da 2x ke haɗuwa a kansu, ɗayar kuwa sifiri ce. Da ya sa 3 da ya ga 9 a nan, 6 a can. Tun ranar na hana gwaji da 0 da 1 da 2, don shaidu ne masu saurin cewa “haka ne”.

Sai Mai Gajeren Rufi, wanda rigimarsa da alamar rut ce. Alamar nan rumfa ce: duk abin da layin sama ya rufe yana cikin inuwa, abin da ya wuce bakin layin yana rana. In rufin ya rufe 9 + 16 gaba ɗaya, sai a haɗa su tukuna a sami 25, rut ɗinsa 5. In rufin ya tsaya a kan 9 kaɗai, amsar 3 + 16 ce, wato 19. A hoton da ya dushe, ƙarshen rufin ne ke ɓacewa, shi kuwa mutumin namu inda idonsa ya gaji nan yake tsayar da shi. Yana da wani ɗan’uwa mai adalci da ke raba rumfar biyu, kowa ya sami tasa, ya kawo 3 + 4 = 7. Tambaya ɗaya, amsa uku. Nakan tambaye su daga ina lambobin suka fito. In ɗaki ne mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3 ake neman tsakanin kusurwa da kusurwa, ko magini bai yarda da 19 ba, kuma 7 tafiyar wanda ya bi jikin bango ce, ba wanda ya ratsa tsakiya ba.

Ban cika ganin laifinsu ba. Lokacin da Bajamushe Christoph Rudolff ya buga alamar rut a littafinsa a 1525, ba ta da rufi. René Descartes ne ya ɗora mata shi a 1637. Shekara 112 ke nan masana suna zaune a rumfa ba jinka, kuma wasu ɗalibaina har yau a cikin shekarun nan suke.

A gidan rut ɗin dai akwai wanda ke tsintar ƙaramin ukun da ke maƙale a hammatar alamar ya fito da shi waje ya ba shi girma. ∛8 tambaya ce: wace lamba ce in ta ninka kanta sau uku za ta ba da 8? Amsa 2. Shi kuwa sai ya karanta 3√8, uku sau rut ɗin takwas, ya sami wajen 8.49. Kama da wane ba wane ba ne.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne Alhaji Kalkuleta, domin shi da hujjarsa yake zuwa. Layin da ke raba sama da ƙasa, wanda ake jingina farkonsa ga al-Hassar, masanin Magrib na ƙarni na 12, aiki biyu yake yi: yana rabawa, yana kuma ɗaure duk abin da ke samansa wuri ɗaya. In 6 + 4 na sama, 2 na ƙasa, amsar 5 ce. Alhaji sai ya kwantar da ita a layi ɗaya ya danna 6+4÷2, kalkuletar kimiyya ta fara da rabawa kamar yadda aka gina ta, ta ba shi 8. “Malam, na’ura ba ta ƙarya.” Ba ta yi ba kuwa, abin da ya tambaye ta ta amsa. Da ya sa baka ya danna (6+4)÷2 da sun rabu lafiya. Shi ne kuma ke ganin 2½ ya danna 21÷2, biyu da rabi ta koma goma da rabi. In da a kasuwar Tambuwal ne aka ce ya biya kuɗin mudu goma da rabi a kan mudu biyu da rabi, da tuni ya tara jama’a.

Bara wata ɗaliba daga Kebbe ta turo wadda ta tara su duka. A hoton ana ganin 27 bisa 8 a cikin baka, sai wani abu ƙarami a kafaɗar bakan, kamar 2 bisa 3, ko 2 bisa 8, da wani ɗan duhu a gabansa wanda zai iya zama alamar debewa, zai iya zama ƙurar kyamara. Na jefa ta a zauren ’yan aji don in ga abin da za a yi. Mai Sauko da Na Sama ya karanta 27/8 − 2/3 ya kawo 65/24. Wani ya ɗauka ninkawa ce ya kawo −9/4. Alhaji Kalkuleta ya yar da bakan, fawar ta hau kan 8 kaɗai, ya kawo 108 yana rantsuwa. Mafi yawa suka share ɗan duhun nan suka kawo 9/4.

Ga yadda muka bi ta. Da farko ita kanta tambayar tana ba da shaida a kan kanta. Masu tsara jarrabawa sukan zaɓi lambobin da za su fita tsaf, kuma 27 ita ce 3×3×3, 8 kuma 2×2×2. Wannan ya nuna lambar ƙasan fawar 3 ce, ba 8 ba, don da 8 ce da amsar ta fito da doguwar wutsiya bayan ɗigo. Girman rubutun da tsayinsa kuma sun nuna fawa ce: ya fi 27 ƙanƙanta, yana sama da tsakiyar bakan. Saura ɗan duhun. A nan dabara ta ƙare, domin da debewa da babu, duka biyun suna fita tsaf. In babu, rut na uku na 27/8 shi ne 3/2, a ninka shi da kansa a sami 9/4. In akwai, sai a kifar da shi, na sama ya koma ƙasa: 4/9. Zaɓin amsoshin ma bai cece mu ba, don 9/4 da 4/9 duk suna ciki, kuma da gangan ake sa su.

Na kira ta na ce, “’Yata, ɗauko littafin ki karanta mini da baki, kamar mai karanta wa makaho wasiƙa.” Ta ce, “To Malam. Baka ta buɗe, ishirin da bakwai bisa takwas, baka ta rufe, fawa, debewa, biyu bisa ukku.” Na ce ta maimaita wurin debewar. Ta ce, “Awo Malam, shina nan.” Tambayar ita ce (27/8)^(−2/3), amsa 4/9. Sai muka auna da ido, tunda ido ba mudu ba ne amma ya san kima: 27/8 ta fi ɗaya, fawa mai debewa kuwa dole ta mai da ita ƙasa da ɗaya, kuma 4/9 bai kai rabi ba.

Wannan ya kawo ni ga Mai Dubawa Sau Uku, wanda nake tausayi fiye da kowa. Yaro ne mai natsuwa. Ya kwafi tambayar a littafinsa ba tare da debewar ba, ya yi aiki mai tsabta, ya bi shi daga ƙasa zuwa sama, ya mayar da amsar cikin tambaya, komai ya zauna. Sau uku ya duba, kuma sau ukun abin da ya kwafa ya duba, bai koma kan hoton ba ko sau ɗaya. Mayar da amsa yana kama kuskuren aiki, ba ya kama kuskuren karatu. Shi ya sa nake sa su ɗora yatsa a kan asalin tambayar su bi ta alama bayan alama kafin a fara komai: ina rufin ya tsaya, me layin rabo ya ɗaure, wace lamba ce ƙarama, akwai wani abu a gabanta.

Malaman rabon gado sun riga mu gane wannan. Ba ka jin sun dogara da 1/8 ko 1/3 kaɗai, waɗanda ɗigon tawada zai iya mai da ɗaya ya zama ɗayan. Sumuni suke cewa, da sulusi, da sudusi, kalmomin da ba sa narkewa a hoto. A dukiyar naira 240,000, sumuni 30,000 ne, sulusi 80,000, kuma ba a taɓa sasanta wannan da “ai haka na gani” ba.

Don haka, ’yan Kebbe da ’yan Tambuwal, mai son amsa daga gare ni bana ya shimfiɗa littafin a ƙasa da rana, ya goge kyamara da gefen riga, ya ɗauki tambayar har da zaɓin amsoshinta, ya turo ta hanyar Document don kada a matse ta. Sannan ya rubuta mini ita da kalmomi a ƙasa, da bakanta da debewarta. Wanda ya turo hazo da ƙarfe ɗayan dare kuwa, sai da safe.