Takarda ba ta yashe kwata, in ji ku

Na ji ku, Alhaji. Na ji ku, Malam Sakatare, da kai ɗan'uwana na bayan sahu da ke ta gyaɗa kai tun ban buɗe baki ba. Kun ce jadawalin aiki ƙaƙale ne na 'yan boko, kakanninmu sun yi gayya sun nome gonaki ba su taɓa ja wa takarda layi ba. Gaskiyarku. Sai dai gayyar kakanni ta yini ɗaya ce, a fita da hantsi a dawo da la'asar. Aikin da ƙungiyar unguwarku ta ɗauko kuwa na wata biyu ne, da kuɗin mutane a ciki, ga magini ga kafinta, ga damina da ba ta neman izinin shugaba kafin ta sauka.

Mu ɗauki misali da abin da kowa ya sani. Kwatar layi ta cushe, murfin kankaren da ke bakin layi ya fashe, mai Keke Napep ya daina shigowa. An yi taro bayan sallar isha'i, an yanke cewa gida 60 kowanne zai ba da naira 5,000, a gama komai kafin 31 ga Mayu. Aka yi addu'a aka watse. Da a ce akwai takarda, ga yadda za ta kasance ranar 24 ga Afrilu:

| Aiki | Wuyan wa | Farawa | Wa'adi | Inda aka kwana |
|---|---|---|---|---|
| Kiyasin kaya daga magini | Sakatare | 25 Maris | 31 Maris | An gama |
| Karɓar kuɗi gida-gida | Ma'aji | 1 Afrilu | 22 Afrilu | Ya makara: gida 41 cikin 60 |
| Sayen rodi, katako, siminti, yashi, tsakuwa | Mataimakin shugaba | 24 Afrilu | 28 Afrilu | Ba a fara ba |
| Kafa katako da ɗaure rodi | Mataimakin shugaba | 29 Afrilu | 2 Mayu | Ba a fara ba |
| Zuba kankare | Shugaba | 3 Mayu | 3 Mayu | Ba a fara ba |
| Yashe kwata da kwashe ƙazantar | Shugaban matasa | 17 Mayu | 18 Mayu | Ba a fara ba |

To, Alhaji, kun ce ranakun nan daga ka aka tsinto su. A'a, daga ƙarshe aka faro lissafin aka riƙa ja da baya. Kowane magini zai gaya muku kankare yana son kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake auna shi da shi, kuma makon farko sai ana ba shi ruwa safe da yamma. In kuna son mota ta hau murfin nan ranar 31 ga Mayu, dole a zuba shi ranar 3 ga Mayu. Kafin a zuba sai kafinta ya kafa katako an ɗaure rodi, kwana huɗu ke nan. Kafin wannan sai kaya sun sauka, kaya kuwa sai da kuɗi. Haka aka yi ta ja har aka iso 1 ga Afrilu, ranar da ya kamata Ma'aji ya ɗauki littafinsa ya fara sallama a ƙofofin gidaje. Ku da kuke cewa ai da sauran lokaci, Mayu da nisa, ku duba ku gani: a farkon Afrilu ma babu kwana ko ɗaya na banza sai guda da ke tsakanin wa'adin kuɗi da fara sayayya.

Shi ya sa nake dariya in na ji ana cewa a cire layin ranar farawa, wa'adi ya isa. Wa'adi ba ya magana sai ranar da ya cika, lokacin kuwa sai dai jaje. Ranar farawa ita ce mai tsegumi da wuri. In 5 ga Afrilu ta yi Ma'aji bai shiga gida ko ɗaya ba, kowa ya san an samu matsala alhali da sauran damar gyarawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kun fi ni sanin wannan, ku ne ma kuke faɗa wa yara.

Sai layin da ya fi ba ku haushi, na wuyan wa. Na san abin da kuke so a rubuta: kwamiti. Ko matasa. Ko, in an ga dama, jama'a baki ɗaya. Malam, kwamiti ba shi da lambar waya, ba ya jin kunya, ba a haɗuwa da shi a masallaci. A rubuta mutum ɗaya, wanda yana wurin ya ce ya amince, ba wanda aka liƙa wa aiki yana Kaduna wajen biki ba. Kuma wanda aiki ke wuyansa ba lallai shi ne mai riƙe shebur ba. Mataimakin shugaba bai iya ɗaure rodi ba, amma shi za a tambaya ko kafinta ya zo, shi zai buga masa waya sau biyar in ta kama.

Yanzu ku dubi layin Ma'aji. Da ku ne da biro, na rantse “ana kai” za ku rubuta. Ana kai ɗin nan tana iya nufin saura gida ɗaya, tana iya nufin littafin yana ƙarƙashin katifa. Inda aka kwana kalmomi huɗu suka ishe shi: ba a fara ba, an fara, ya makara, an gama, kuma a raka su da abin da ake iya ƙirgawa. Gida 41 cikin 60 na nufin naira 205,000 a hannu, saura 95,000. Da wannan adadin taro yana da abin tattaunawa. In aka zauna jiran ragowar har mako guda, zubin kankare ya koma 10 ga Mayu, murfi ba zai ɗauki mota ba sai 7 ga Yuni, wataƙila ruwan farko ya riga ya sauka. Amma kafinta rodi da katako yake buƙata ranar 29 ga Afrilu, siminti ba a taɓa shi sai 3 ga Mayu. Ke nan a sayi rodi da katako yau da abin da ke hannu, a ƙara wa Ma'aji wa'adi zuwa 30 ga Afrilu, a haɗa shi da dattijo ɗaya da ake jin nauyinsa su zaga gida 19 da suka rage. Sabon wa'adin a rubuta shi gefen tsohon, kada a goge, don in aka ɗaga sau uku kowa ya ga sau uku ne.

Layin ƙarshe da gangan aka haɗa yashewa da kwashewa a wuyan mutum ɗaya. Kun sha ganin ƙazantar da aka tsamo an jibge ta bakin kwata, mako biyu babu mai amalanke, ruwa ɗaya ya mayar da ita inda ta fito.

Saura mai cewa wa'adi na Allah ne. Haka ne, Malam, ku rubuta in sha Allah a saman takardar da manyan baƙaƙe, babu mai hana ku. Sannan a manna ta a allon ofishin ƙungiya, Sakatare ya karanta ta layi-layi duk mako a farkon taro, kafin a shiga gardamar siyasa. In wata guda ya wuce layin inda aka kwana bai canza ba, ku cire takardar ku ba mai ƙosai, ni ma zan taya ku.