Yadda Za Ki Tara Gashi Bayan Saisaye Ba Tare da Kin Sake Ɗaukar Almakashi Ba

Wadda ta yanke gashinta saboda rilaksa ya cinye shi, ko jego ya zubar da rabinsa, ba ta bukatar a gaya mata ta riƙa wanke kai. Abin da take bukata shi ne a tsaya mata a wata na huɗu, lokacin da gashin ya wuce saisaye amma bai kai kamun ribom ba, ya miƙe ta kowane gefe, ɗankwali ya ƙi zama, makitsiya ta duba ta ce a dawo bayan Sallah. A nan ne mata da yawa ke karaya su koma wajen aski. Hujjata guda ce: gashi yana tsirowa da kansa ko kin kula shi ko ba ki kula ba, aikinki kawai ki hana abin da ya tsiro karyewa, kuma almakashi na cikin masu karya shi.

Na farko, ki yi lissafi kafin ki yi fushi. Gashin kai yana ƙaruwa da kusan santimita 1 a wata, na wasu ya ɗan ɗara, irin namu mai murɗewa sau da yawa ya ɗan gaza. A ce kin yi saisaye a Janairu aka bar miki santimita 2. A Afrilu kina da 5, wanda shi ne kusan ƙaramin tsawon da hannun makitsiya ke iya kamawa ba da azaba ba. A Satumba kina wajen 10, a Disamba wajen 13. To amma madubi ba zai nuna miki wannan ba, domin gashinmu idan ya sha ruwa ya bushe yana takurewa ya koma rabin tsawonsa ko ƙasa da haka. Mai santimita 10 sai ta ga 4 ta rantse gashinta ya tsaya. Bai tsaya ba. Ki kamo sili kaɗan daga tsakiyar kai, ki miƙar da su a jikin tef ɗin tela, sau ɗaya duk wata 3, wuri ɗaya kullum. Awon kowace safiya ɓacin rai ne kawai.

Na biyu, batun datsewa, kuma a nan za a fi yi mini gardama. Ana cewa datse baki yana sa gashi saurin fitowa. Gashi daga saiwarsa yake tsirowa a ƙarƙashin fata, silin da ke waje ba shi da rai, babu hanyar da zai kai wa saiwa labarin an yanke shi. Abin da ke ruɗar mutane shi ne bakin da aka datse yana da kauri da daidaito, sai kai ya yi kamar ya cika. Yanzu ki koma kan lissafinmu: wadda ke cire santimita 1 duk mako 6 tana zubar da fiye da kashi biyu cikin uku na abin da ya tsiro, shekara ta zagayo ta ƙaru da santimita 3 ko 4, sannan ta ɗora laifin a kan gado. Mai gardama za ta ce, to a bar baki ya tsage? A'a, tana da gaskiya a nan, domin tsagewa tana bin sili ta hau sama har ya karye a inda ba ki zaɓa ba. Sai dai gashin da aka yi wa saisaye sabo ne, bai sha rana da mataji na shekaru ba, don haka wata 6 na farko da wuya ya bukaci komai. Bayan nan ma alama za ki bi, ki bar kalanda: mataji yana wucewa lafiya sai a baki ya maƙale, kina jin ƙananan ƙulle-ƙulle a ƙarshen sili, ko kalabar da kika yi tana sirancewa a ƙarshe har ana hango haske ta cikinta. In kin ga haka, rabin santimita ya isa, da almakashi mai kaifi na gashi. Wanda ake yanka leda da zare da shi ya dushe, yana taune bakin ne ya bar sabuwar tsagewa.

Wuri ɗaya ne na yarda a taɓa da wuri, wato ƙeya. Gashin ƙeya daga ƙasa ya fara, don haka shi ke riga saura sauka kan wuya ya yi jela alhali saman kai bai kai kunne ba. Ga mai barin kanta a tsefe, rage ƙeya da gefen kunne kaɗan yana mayar wa kai siffa yayin da saman ke kamo su. Mai niyyar kitso kuwa ko wannan ta bari, domin ƙeyar ce makitsiya za ta fara nema.

Na uku ya kamata ya zama kitso, amma ba zan iya maganarsa cikin sanyi ba. Ta yaya za a zaunar da mace mai gashi santimita 4, a danne kanta tsakanin gwiwoyi, a yi mata ƙananan shuku da ƙarfin tsiya har girarta ta ɗaga, sannan a ce mata haka ake yi, zafin ne ke jawo tsawo? Ja ba ya tsirar da komai. Abin da yake yi shi ne ya cinye gaban goshi da gefen kunne, inda sili ya fi rauni, kuma idan aka daɗe ana yi saiwar na mutuwa, wurin ya zama sanƙon da babu man da zai dawo da shi. Alamunsa ba ɓoyayyu ba ne: ƙananan ƙuraje a bakin tsaga, ciwon kai a daren kitso, kasa sunkuyawa a sujada ba tare da jin fata na ja ba. Duk kitson da ya sa kika nemi farasitamol a tsefe shi a ranar, ko nawa aka biya. Ki ce wa makitsiya, "Yaya, don Allah manya za ki yi min, ki bar gaban nan." In ta ce ba zai yi kyau ba, ai ɗankwali zai rufe. A wannan tsakanin, manyan kalaba ko kitson zare mai sassauci sun fi, kuma zaren yana miƙar da gashi ba tare da wuta ba, ki ga tsawonki na gaskiya. Mako 2 zuwa 3 ya isa a tsefe.

Na nawa muke? Ko ma dai na nawa ne, saura masu tallan mai a gidan biki, waɗanda kowace ke da kwalbar da ta kai gashin ƙanwarta gadon baya cikin wata 2. Man kaɗanya da man shanu suna da amfani na gaske, amma amfaninsu riƙe danshi ne, don haka a kan gashi mai ɗan laima ake shafa su. Mai a kan busasshen gashi ƙyalli kawai yake ba shi, ƙurar hunturu ta zo ta manne. Ruwan karkashi ma yauƙinsa ke sa mataji ya zame, shi ya sa tsifa da shi ke rage asara. Ki taje yana da laima, da mataji mai manyan haƙora, daga baki zuwa gindi. Da dare ki sa hular satin, domin audugar matashi da ta ɗankwali suna shan danshi suna gogar gashi.

Idan kin tsefe kitson mako 3 kika ga curi a hannu, kada ki ruga wajen aski. Zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne, kuma kitso tara su yake yi. Ki duba su: dogon sili mai ɗan farin ɗigo a gindinsa ya gama wa'adinsa ne, wani na tafe a gurbinsa. Guntaye marasa ɗigo su ne karyayyu, su ke nuna bushewa ko ja ya yi yawa. In kuwa zubar ta zo da fili a wuri guda, ko da kasala da jiri, a je asibiti a auna jini, domin ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki yana zubar da gashi, kuma almakashi ba ya maganinsa.