Yadda ɗan Gwange zai karanta rubutun Rasha kafin jirgi ya tashi

Duk ɗan unguwar Gwange ta Maiduguri da ya samu gurbin karatun likita a Rasha, ya kamata tun kafin ya hau keke napep zuwa Kasuwar Monday sayen rigar sanyi ya zauna ya rubuta sunan birnin Kano da baƙaƙen mutanen can. Ga abin da zai fito: КАНО. Idonsa zai ce masa "kaho", kuma idon zai rantse a kan haka. To, daga nan darasin ya fara: ido ba abin yarda ba ne.

Haruffan Rashanci 33 ne, kuma masu son kansu da sauƙi kashi uku suke raba su. Kashin farko mutanen kirki ne, wato А, К, М, О da Т, waɗanda kamarsu da sautinsu duk irin na boko ne. Kashi na biyu baƙi ne fil, irin su Ж, Щ da Ю. Suna da ban tsoro, amma ba sa cutar kowa, domin wanda ya gan su ya san bai san su ba. Masu kayar da mutum su ne guda shida da suka sa rigar boko: В, Н, Р, С, У da Х.

Ba da gangan aka yi ba. An tsara rubutun a Bulgeriya a ƙarshen ƙarni na 9, daga haruffan Girkanci, aka laƙaba masa sunan Waliyyi Kiril. Boko ma daga Girkanci ya samo tushe, sai dai kowa ya bi hanyarsa. Daga baya, a 1708, Sarki Bitrus Babba ya sa aka gyara surar haruffan su yi kama da na Turawan yamma, kamannin ya ƙara yin yawa.

Dabarar da ta fi sauri ita ce ɗalibi ya ajiye jadawalin haruffa, ya kama sunayen 'yan gidansu. Musa zai koma МУСА, ya koya masa biyu a lokaci guda: У sautin "u" ne, С kuma "s". Hasan zai zama ХАСАН. Anan Н ta fito a matsayin "n", ita kuwa Х ita ce "kha" ɗin da malamin tsangaya ya sha matsa wa almajirai su fitar daga maƙogwaro, ta cikin Khadija da Khalifa. Ɗan Maiduguri ya riga Bature wannan. Sai БОРНО, wanda ke nuna cewa Р "r" ce, mai kaɗa harshe sosai, kuma abin nan mai kama da lamba shida shi ne ainihin "b".

Saura В, wadda ta fi kowa taurin kai. Sautinta "v" ne, wanda Hausa ba ta da shi sam, don haka bakin Bahaushe zai so ya mayar da ita "b", ga shi kuma surarta na goyon bayan kuskuren. Maganinta haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, a maimaita МОСКВА har ƙannen gida su fara dariya. A lura kuma, "o" ɗin farko "a" ake furta shi, domin nauyin kalmar yana ƙarshe.

Wanda ya kai nan zai iya gwada kansa da allon da ya fi kunyata baƙi: РЕСТОРАН. Sabon zuwa kan karanta "pectopah", ya wuce da yunwarsa. Mai bin harafi ɗaya-ɗaya zai samu r, e, s, t, o, r, a, n, ya gane gidan abinci ne. Idan ya shiga ya ga САХАР a kan tebur, sukari ne, ya zuba a shayi ba fargaba. A tashar jirgin ƙasa kuma ВХОД mashiga ce, ВЫХОД mafita. Harafi ɗaya ya raba su, kuma masu sauri a Mosko ba sa yi wa mai tsayawa a ƙofa uzuri.

Cikin baƙin ma akwai garaɓasa. Ч ita ce "c" ta "ciki", Ц ta yi kusa da "ts", Ш mai haƙora uku kuwa "sh" ce, kamar shinun allo.

Sai dai kada ya yi saurin aika wa Baba saƙon cewa ya gama. Duk wannan rubutun ɗab'i ne. Ranar da malamar shekarar share fage ta ɗauki alli, т za ta koma kamar m, п kamar n, и kamar u, д kuma kamar g. Don haka ya sayi littafi mai layi tun a Gwange, ya riƙa rubuta kowane suna sau biyu, na ɗab'i a sama, na hannu a ƙasa.