Shekara Uku a Layi Uku

Tambayar ba ta wuce layi ɗaya ba. Jami'ar ɗaukar ma'aikata ta duba takardar bayanan aikin mutum, ta ga abin ya tsaya cak a Maris 2022, sai ta turo ta WhatsApp: me kake yi daga nan zuwa yanzu? Ni dai ra'ayina shi ne amsar kada ta wuce jimla uku, kuma kada ban haƙuri ya shiga cikinta ko sau ɗaya. Amma mu ɗauki misalin akanta wanda wani kamfanin roba a Sharaɗa ya sallama lokacin rage ma'aikata, ya koma ya yi jinyar mahaifinsa da ya samu shanyewar ɓarin jiki har Allah Ya karɓi abinSa a Janairun 2025. Me irin wannan bawan Allah yake rubutawa? Sallama, gaisuwa, ya aiki, ya iyali, ya haƙuri da jama'a. Sannan "da farko ina neman afuwa". Sannan tarihin kamfanin, da manajan da ba ya ƙaunarsa, da sunan maganin hawan jini, da ranar da aka canja likita, da ƙanin da ya ƙi kawo ko sisi. Ya rufe da cewa shi maraya ne yanzu, a taimaka don Allah don Annabi. Ya danna.

Nan ne abin yake, kuma nan nake so a tsaya a duba da kyau. Saƙon ya tafi, ya yi tsawon da WhatsApp da kanta ta gaji ta datse shi ta sa "Read more". Alama ɗaya. Alama biyu. Sai suka koma shuɗi. Sai ga "typing…", zuciya ta tsaya. Rubutun ya ɓace. Ya dawo. Ya sake ɓacewa. A wannan ɗan tsakanin ne idonsa ya buɗe, ya karanta abin da ya rubuta da idon baƙo, ya ga ashe ya gaya wa matar da bai taɓa gani ba cewa matarsa ta yi yaji a 2023, har da dalilin yajin. Ya ga ya rubuta afuwa sau huɗu, kuma ɗaya daga ciki afuwar tsawon saƙon ce, wadda ita ma ta ƙara masa tsawo. Ya ga abu ɗaya tak da ta tambaya, wato me yake yi, bai amsa ba. Yanzu hanya biyu ce a gabansa, duk ba mai kyau. WhatsApp tana ba da minti 15 a gyara saƙo, amma za ta manna masa "Edited", ita kuwa ta riga ta karanta labarin yajin. Ko ya goge wa kowa, ya bar mata "This message was deleted", wato ga shekara uku da ba a bayyana ba, ga kuma saƙo guda da aka binne da rana tsaka. Ya goge. "typing…" ya sake fitowa, ya daɗe, ya daɗe, sannan amsa ta iso: "Ok."

Abin da ya sa nake cewa a taƙaita ba ƙyashin bayani ba ne. Jami'ar tana da tarin takardu a gabanta, kuma tambayarta ta layi ɗaya tana ɗauke da damuwa uku da ba za ta faɗa ba. Tana so ta san ko korar mutum aka yi saboda kuɗi sun yi ƙafa, tambayar da ta fi nauyi a kan akanta. Tana so ta san ko abin da ya tsayar da shi ya ƙare, ko kuwa bayan wata biyu zai fara neman izini duk Litinin. Tana so ta san ko hannunsa ya yi tsatsa. Saboda haka kowace jimla ta ɗauki ɗaya: "Kamfanin ya rage ma'aikata a Maris 2022, ina cikin waɗanda abin ya shafa, kuma tsohon shugabana zai tabbatar da haka. Daga nan na yi jinyar mahaifina har rasuwarsa a Janairun 2025, ina kuma riƙe wa wani shagon sari a Kasuwar Singa littafin shiga da fita. Yanzu ba abin da ya ɗaure ni, na karanta sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, zan iya kama aiki ranar 1 ga wata." Ko da Turanci za a tura, kamar yadda aka fi yi, ginin ke nan. A lura da inda aka sa wata da shekara, domin ita za ta kai maganar gaban wani shugaba, kuma abin da za ta iya maimaitawa a numfashi ɗaya kawai take iya kaiwa. Ba za ta tsaya gaban darakta ta fara da "ƙaninsa ne ya ƙi kawo kuɗin magani" ba. Afuwa kuwa ba a nemanta sai an yi laifi, don haka wanda ya fara da ita ya sa mai karatu neman laifin. Mutum ya yi shekara kusan uku yana juya mahaifinsa a kan gado, yana kai shi gashin ƙashi, sannan ya zo yana ba baƙuwa haƙuri a kan haka, sai ta ɗauka akwai wani abin da ba a faɗa ba tukuna.

To amma saƙon ba ya fita daga waya sai ya bi ta majalisa, kuma kowace majalisa tana da Kawu. Ni kam na fi jin daɗin wannan sashen a kan saƙon kansa. Kawu ya yi ritaya daga aikin gwamnati, kuma shi a zamaninsa tun kafin ya karɓi sakamakon jarrabawa aka kira shi aka ba shi aiki da rancen babur. Bai taɓa neman aiki ba, shi ya sa ya fi kowa sanin yadda ake nema. Zai karɓi wayar, ya nesanta ta da idonsa, ya ce, "Ɗana, wannan ai ka kashe kanka. Wa ya ce ka ambaci jinya? Ka ce kana Dubai." Idan aka ce, "Kawu, ai ko fasfo ba ni da shi," sai ya ce, "Ita fasfo ta tambaye ka?" Idan Dubai ta ƙi, yana da noma: "Ka ce ka koma gona, gwamnati ma abin da take so ke nan." Idan aka tuna masa yaron bai san bambancin gero da dawa a tsaye ba, sai ya sauko kan babbar dabararsa, wato a rubuta Manajan Darakta na wani kamfani, a haɗa sunan ɗa da na kaka a ƙara "da 'Ya'yansa". Yana faɗa yana kurɓar shayin da yaron ne zai biya.

Dole in amsa wa Kawu da gaske, don shawararsa tana da masu bi da yawa. Ƙarya a kan kwanan wata tana barin sawu a takarda. Kamfanin da aka yi wa rajista yana da lamba da ranar rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, kuma kowa yana iya bincikawa a shafinta. Wanda ba a yi wa ba kuwa ba zai fito ba sam. Asusun fansho, ga wanda ake zuba masa, yana nuna watan ƙarshe da kuɗi suka shiga, don haka jan Maris 2022 zuwa Disambar 2023 yana iya tonuwa ranar da aka ce a kawo bayanin asusun. Takardar kammala hidimar ƙasa tana da kwanan wata. Tsohon shugaba yana da waya. Kuma mutumin da ake shirin damƙa wa lissafin kuɗi, idan aka kama shi ya matsar da lamba tun kafin ya zauna a kujera, magana ta ƙare. Abin takaicin shi ne galibi ana yin ƙaryar ne don rufe abin da ba ya buƙatar rufi. Wanda yajin aikin malaman jami'a ya cinye wa kusan wata tara a 2020, ya sake cinye masa wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022, ba shi da abin bayyanawa ga ɗan Nijeriya, ambaton shekarar ya isa. Har LinkedIn ta ƙara gurbin "Career break" a 2022, a zaɓi dalili a sa kwanan wata a wuce.

Akwai ƙorafin da ya fi na Kawu ƙarfi. Za a ce mu mutanen kunya ne, mai nema ba ya magana tsaye, kuma jimla uku a bushe za su yi kama da girman kai. Na yarda da rabin maganar. A yi sallama, a gaisa, a yi godiya da ta tuntuɓa, wannan ladabi ne kuma layi ɗaya ya ɗauke shi. Amma gaisuwa daban, roƙo daban, kuma mai roƙo yana rage wa kansa albashi tun kafin a zo ciniki, domin wanda ya rubuta "ko nawa ne zan karɓa" an ji shi, za a kuma ba shi ko nawa ɗin. Za a kuma ce misalina mai sauƙi ne, jinyar uba abin yabo ce, ina wanda dalilinsa ba shi da kyan ji? Ginin bai canja ba, sai dai jimlar tsakiya ta ƙara gajarta. Wanda ya yi rashin lafiya ya ce ya yi, ya warke, likita ya sallame shi; sunan cutar nasa ne. Wadda ta tsaya goyo ko takaba ta faɗa da kalma biyu. Wanda ya kwashe shekarun yana nema bai samu ba ya ce yana nema, ya ambaci abin da ya riƙe da gaske a tsakani, ko koyarwa a makarantar unguwa ce ko shagon cire kuɗi. Wanda aka kora don aikinsa bai gamsar ba ya ce aikin ya ƙare a wata kaza, zai yi bayani idan an zauna, kuma ya shirya yin bayanin da gaskiya. Ba na cewa jimla uku za su sa a ɗauki kowa. Akwai wuraren da tazarar shekara uku ta isa a ajiye takarda, ko me aka rubuta. Sai dai waɗannan wuraren dogon saƙo ma ba ya sauya musu ra'ayi, ƙari kawai sun san sirrin gidan mutum.

Kawu ya saurari duk wannan, ya gyaɗa kai, ya ce ya gamsu, rubutu ba shi da amfani. "Ka danna mata murya, ɗana, kamar minti bakwai, ta ji kana kuka. In ta ƙi, ka nemo min sunan babanta, wataƙila mun yi aji ɗaya."