Yadda Za Ka Kama Filin Ƙwallo Na Awa Ɗaya Ba Tare Da An Kai Ga Cin Kwala Ba

Idan kai ne abokai suka ɗora wa nauyin kamo musu ɗaya daga cikin filayen nan masu ciyawar roba da suka yawaita a unguwannin Kano, inda ake buga biyar-biyar a biya kuɗin awa, to sannu da ɗawainiya. Daga yau kai ne ma'aji, kai ne magatakarda, kai ne kuma wanda za a zuba wa ido idan kuka iso da takalmanku kuka tarar da wasu ƙarti goma suna zufa a cikin filin da kuka ce naku ne.

Fara da sanin cewa "ba damuwa, ku zo kawai" ba ta kama fili. Manaja mutumin kirki ne, kuma kirkin nasa ne ya sa ya faɗa wa wasu mutum biyu haka a ranar. Abin da ke kama fili kafin alƙalami ne. A ce awa ɗaya naira 15,000 ce kuma ana neman rabi: tura 7,500, sannan ka tsaya a kansa har ya rubuta. Idan ta waya ce, ka ce, "Manaja, don Allah turo min saƙo a rubuce: rana, kwanan wata, ƙarfe nawa zuwa nawa, nawa na biya, saura nawa." Hoton rasit na tiransifa shaida ce cewa kuɗi ya fita daga asusunka, amma bai faɗi wace awa ka saya ba.

Kwanan watan nan kada ka yi wasa da shi. Kai ka ce "daren Juma'a" kana nufin bayan an sauko daga masallaci an huta, shi kuwa manaja ya yi lissafi irin na malamai, wanda dare ke rigan rana, ya rubuta maka Alhamis da dare. Dukanku kuna da gaskiya, filin kuma na wani ne. Faɗi rana da lamba: Juma'a, 14 ga wata, takwas zuwa tara na dare.

Kafin kuɗin ya bar hannunka ka yi tambayoyin da kowa ke jin nauyin yi. Idan muka fasa, zuwa yaushe ne za a mayar mana? Idan aka tsuge da ruwan Agusta, asararmu ce ko a ɗaga mana zuwa wani mako? Idan aka ɗauke wuta minti ashirin da farawa, janareta kuma ya yi ta tari ya ƙi tashi, agogo na tsayawa ko yana tafiya? Wannan ta ƙarshen ita ce uwar rigima a wasan dare, don cikin duhu kowa na da nasa lissafin mintocin da suka rage. A daidaita tun da rana, ana murmushi.

Sai zaɓen awar kanta. Shida zuwa bakwai na yamma tana da daɗi a ido, rana ta yi sanyi, an tashi daga kasuwa. Amma a Kano rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida a watan Nuwamba, a Yuli kuma sai kusan bakwai. Wanda ya kama wannan awar na tsawon shekara zai buga ta lafiya da damina, da hunturu kuma ya tarar an kira magariba yana ɗaura igiyar takalmi, kwata guda na awarsa ta tafi a alwala da sahu. Da azumi kuwa kowa bayan asham yake so, don haka tun a Sha'aban ake zuwa gaishe da manaja.

Yanzu ga inda ruwa ke tsami. Yawancin karon da ake yi, ƙungiya biyu a awa ɗaya, ba ha'inci ne ke kawo shi ba. Littafi yana wajen manaja, waya tana wajen yaronsa, Alhaji mai fili kuma ya haɗu da abokinsa a ɗaurin aure ya ce masa, "Ai filin naka ne, ranka ya daɗe, turo yara ranar Asabar." Hannu uku suna rubutu, babu wanda ke karanta na wani. Maganinsa kalanda ɗaya wadda kowa ke gani amma mutum ɗaya ke rubutawa. Idan da Google Calendar ake aiki, a ba shugabannin ƙungiyoyi izinin See all event details, a bar Make changes to events ga manaja shi kaɗai. Ranar da aka buɗe wa kowa ikon gyara, za ka wayi gari awarka ta koma ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, lokacin da robar ke gasa tafin ƙafa ta cikin takalmi. A duba AM da PM sau biyu, a kuma sa ƙa'ida mai sauƙi: wanda bai biya kafin alƙalami ba, sunansa ba ya hawa. Idan littafi ne kawai ake da shi, ya wadatar, muddin ana ɗaukar hoton shafin mako a tura wa shugabannin a WhatsApp duk lokacin da aka ƙara suna.

Mutanenka fa? Su ma sai ka yi musu shiri. Ku goma sha biyar ne, kowa 1,000 ya biya fili. Karɓi 1,200, rarar 3,000 ta sayi ledar fiya wata, saura ya shiga asusun sabuwar ƙwallo, domin wata rana Sani mai ƙafar hagu zai aika wadda kuke da ita gidan maƙwabta. Ka karɓa kwana ɗaya kafin wasa. Bayan wasa ɗan Adam ya gaji, netiwok ɗinsa ma ya gaji, "zan turo idan na je gida" kuma hanya ce mai nisa. Gola zai ce ai shi tsayuwa kawai yake yi, bai kamata ya biya cikakke ba. Gaya masa cikin ladabi cewa ragar da yake jingina da ita ma cikin hayar take. Wanda ya zo da ƙaninsa "ya ɗan taɓa", ƙanin ya ɗan biya.

Rabon lokaci ina roƙonka ka yi shi da adalci, don wannan na damuna ƙwarai. Tsarin "wanda ya ci ya tsaya" yana barin masu rauni a bakin fili suna kallon kuɗinsu na gudu a ƙafar wasu. Ku raba ƙungiya uku, wasa shida, kowane minti takwas. Kowace ƙungiya ta buga huɗu, minti 32 ke nan, sannan minti 12 ya rage na shiga da fita da musun wa ya taɓa da hannu.

Dokokin fili ba su da yawa. Takalmi mai dogayen ƙusoshi yana yaga shimfiɗar, yana kuma riƙe ƙafa lokacin juyi har gwiwa ta gurɗe, don haka a zo da mai ƙananan haƙora ko kambas. Cingam da guntun sigari su tsaya a waje. Agogo na manaja ne: idan rabinku sun iso takwas da kwata, tara tana nan inda take.

Saura "ƙwallon ƙarshe". Ƙarfe tara saura biyar ka busa, kada ka saurari mai cewa a bari wanda ya ci shi ke nan, domin a irin wannan lokaci ne gola ke zama gwani, ƙwallo ta ƙi shiga har kwata guda, masu jiran tara kuwa sun riga sun jeru a jikin waya suna kallon agogo. Ku fita, ka cika wa manaja 7,500 ɗinsa, ka tsaya ya rubuta Juma'a mai zuwa a gabanka.